Fitilar layinmu ma haka ta mutu

"Me zai hana 'yan unguwa su haɗa kuɗi su sa fitila da kansu?"

Ai malam mun gwada a layinmu, gida ashirin ne muka ce kowa ya kawo dubu biyar mu sa sola, gida tara kawai suka bayar, sauran kuma suna shan haske daidai da mu tunda ba yadda za ka hana fitilar titi haska ƙofar wanda bai biya ba. Da batir ya mutu, masu bayarwar ma suka ce sun gaji. Mai ruwa in ba ka biya ba ya wuce da kurarsa, shi haske wa zai sayar wa? Shi ya sa sai dai ƙaramar hukuma ta yi da kuɗin haraji.