Tallan agogo da hoton na'ura: a faɗa wa manhaja inda fitila take

A ƙasar da nake zaune ina aiki tare da masu ɗaukar hoton kayan sayarwa, kuma abokaina na gida da suke tallata agogon hannu a intanet sukan turo mini hotunan da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana musu, tare da umarnin da suka rubuta mata. Idan na ajiye irin wannan umarni kusa da takardar da mai hoto yake ba yaransa kafin a fara aiki, bambanci guda ne yake fitowa fili. Umarnin abokaina cike yake da yabo, wato agogo mai tsada, mai ƙyalli, hoto garau, `luxury`, `8K`. Takardar mai hoto kuwa babu yabo a cikinta ko kaɗan, sai dai inda fitila za ta tsaya, da girmanta, da abin da za a ajiye a gefen agogon. A ganina hanyar mai hoto ce ya kamata mai rubuta umarni ya bi, domin agogo ƙarfe ne gogagge da gilashi, kuma abin da ido yake gani a jikinsa yawanci hoton abin da ke kewaye da shi ne.

Gilashin shi ne wurin da aka fi tuntuɓe. Mutum yakan rubuta `no glare` yana nufin kada haske ya rufe fuskar agogon, sai manhajar ta yi ɗaya daga cikin biyu: ko ta share ƙyallin gaba ɗaya har agogon ya zama kamar wanda aka cire wa gilashi, ko kuma ambaton kalmar ya sa ta zuba farin tabo a tsakiyar fuskar. Mai hoto ba ya korar ƙyalli, wurin zama yake zaɓa masa. Yana sane da cewa haske yana tashi daga gilashi a kusurwar da ya faɗa kansa, saboda haka yakan kai babbar fitila mai lulluɓin farin yadi zuwa sama ta gefe guda, ya ɗan karkata agogon, har ƙyallin ya koma siririn baka a bakin gilashin, tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 12, nesa da hannayen agogon da tambarin kamfani. Wannan ɗan bakan shi ne yake shaida wa mai kallo cewa akwai gilashi. Siffarsa kuma tana da ka'ida, domin gilashi mai doro yana lanƙwasa hoton fitila, shimfiɗaɗɗe kuwa yana mayar da shi da miƙaƙƙen baki. Idan aka ga miƙaƙƙen ƙyalli a kan gilashi mai doro, to hoton ya tona asirin kansa. Gilashin safaya, wato mai taurin nan da ba ya saurin karcewa, idan an shafa masa maganin rage ƙyalli, yakan nuna ɗan shuɗi-shuɗi idan haske ya zo masa a karkace, kuma ana iya neman hakan a umarni, muddin agogon da ake sayarwa yana da shi.

Ƙarƙashin gilashin akwai wani hasken na daban, wanda bai kamata a haɗa shi da na sama ba. Fuskar da aka goge da siraran layuka daga tsakiya zuwa baki, wadda ake rubuta wa `sunburst dial`, tana ba da haske kamar mafici biyu masu fuskantar juna, sauran fuskar kuma ta yi duhu. Idan manhaja ta haskaka ta ko'ina daidai wa daida, sai ta koma kamar fentin roba. Haka nan hannayen ƙarfe masu sheƙi sukan ɓace idan farin haske kaɗai suke mayarwa, shi ya sa a ɗakin hoto ake tsayar da baƙin kwali a gefe don ya ja musu baƙin layi. Al'adar masu talla ce a tsayar da hannaye a 10:10, saboda su sa tambari a tsakiya ba tare da sun rufe tagar kwanan wata da ke ƙarfe 3 ba.

Mu ɗauki agogon ƙarfe mai faɗin milimita 40, mai shuɗiyar fuska da maɗaurin fata ruwan ƙasa, a hannun hagu. Ga yadda zan rubuta, da Turanci tunda shi yawancin manhajojin suka fi ji:

```
40mm steel watch, blue sunburst dial, hands at 10:10,
large softbox upper left, thin curved highlight on crystal edge,
black card on right, brown calf strap, low side light on grain,
left wrist, lugs inside wrist edges, 100mm macro lens
```

Layi na uku ya ƙare da maganar maɗauri, kuma a nan ba sunan fatar ne yake yin aikin ba, fitilar ce. Hasken da ya sauko kai tsaye daga sama yana shafe ƙwayar fata, wanda ya zo ta gefe a ƙasa-ƙasa kuwa yana jefa 'yar inuwa a cikin kowane rami, sai fatar ta fito da jikinta. Bayan haka sai a bi ɗinkin da ido, domin manhaja takan fara shi da tazara ɗaya ta ƙare da wata, ko ta bar zaren ya narke cikin fata a kusa da kunnen agogo, wato ƙarfen da ya turo daga jikinsa inda ake maƙala maɗauri. Maɗaurin irin wannan agogon yakan fara da faɗin milimita 20, wato rabin faɗin agogon, ya ɗan tsuke zuwa 18 ko 16 wajen maƙalli.

Batun girma a tsintsiyar hannu shi ne inda hanyoyin biyu suka rabu, domin mai hoto yana da hannu na gaske da agogo na gaske, ita kuwa manhaja lamba 40 ba ta zame mata ma'auni ba. Abin da take kamawa shi ne dangantakar abu da abu. Tsintsiyar hannun da kewayenta ya kai santimita 17 tana da faɗin kusan milimita 55 a sama, agogon namu kuma daga kunne zuwa kunne yakan kai 47 ko 48, saboda haka dole a ga ɗan fatar mutum a gefe da gefe kafin maɗaurin ya lanƙwasa ya zagaya. Wannan ne dalilin rubuta `lugs inside wrist edges`. Agogon yana zama ne a bayan ƙashin nan da ya turo a gefen tsintsiya, maɓallin gyara lokaci yana kallon yatsu idan hannun hagu ne, kuma akwai siririyar inuwa a ƙarƙashinsa, wadda rashinta yake sa a ga kamar an manna shi. Ambaton `100mm`, wato gilashin kyamara mai ɗaukar hoto daga ɗan nesa, shi ma da dalili, domin kyamarar da aka kusanto sosai, kamar ta waya, tana kumbura abin da ya fi kusa da ita, sai agogon ya rinjayi hannun.

Akwai abu ɗaya da ba na bar wa manhaja, duk kyan umarni, wato rubutun fuskar agogo. Takan maimaita lamba, ko ta ƙara hannu na huɗu, ko ta murguɗa haruffan tambari, kuma mai saye zai kwatanta hoton da abin da ya iso hannunsa. Ni nakan ɗauki fuskar agogon na gaske a kusurwa ɗaya da ta hoton, da fitila a gefen da umarni ya ambata, in ɗora ta a kai, sannan in mayar da siririn ƙyallin gilashin bisa ta.