Farashin da waya ke nunawa ba shi ake ba mu ba

Ƙanena da ke aiki a Saudiyya ya turo wa Inna riyal 1,000. Na duba waya na ga riyal ɗaya naira 400, na ce mata dubu ɗari huɗu na tafe. Da kuɗi suka shigo sai muka ga 388,000. Inna ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, sha biyun fa, wa ya ci?"

Lambar nan ta waya sunanta farashin tsakiya, kuma daga cinikin manyan bankuna a junansu take fitowa. Kowane lokaci farashi biyu ne a kasuwarsu: na saye da na sayarwa. A ce suna sayen dala ɗaya naira 1,495, suna sayarwa 1,505. Tsakiyarsu 1,500 ke nan. Riyal kuwa tun 1986 a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, to ka raba 1,500 da 3.75, ga 400 ɗinka ta fito.

Duk wanda ya taɓa kai gero kasuwar Gujungu ya san wannan. Da farashin da ɗan kasuwa zai karɓi buhunka, da wanda zai sayar wa mai saye, ba ɗaya ba ne. In ka tsaya a tsakaninsu ka samu lissafi, amma ba wanda ya yi maka alkawarin biyan ka haka.

Ni ban ga laifin mai canji don ya ci riba ba, wallahi. Bankuna miliyoyin daloli suke juyawa a ciniki ɗaya, shi ya sa ratarsu 'yar kaɗan ce. Shi kuwa riyal dubu ya karɓa, ga haya, ga ma'aikata, ga tsoron naira ta motsa kafin ya juya kuɗin. Asabar da Lahadi ma kasuwar bankunan a rufe take, sai ya ƙara rata don kare kansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɓoyewa. Kamfanin da ƙanena ya bi ya rubuta cewa turawa kyauta ce, alhali ya ba da riyal a 388. Naira 12,000 ke nan, kashi uku cikin ɗari, an cusa su cikin farashi inda tsohuwa ba za ta gani ba. Ni kuma sai da na cire kuɗin mai POS a kai.

Wata na gaba na ce ya gwada wani da ke cire riyal 15 a fili, amma yana ba da 397. Riyal 985 suka rage, suka zama 391,045. Mai karɓar ladan ya fi mai "kyauta" da sama da dubu uku.

Yanzu kafin ya tura, tambaya ɗaya nake sa shi ya yi: in na ba ku riyal dubu, naira nawa za ta shiga asusun Inna? Sai mu raba da dubu, mu ajiye kusa da lambar waya mu ga ratar.