Me ya sa na'urar awon hawan jini ke ba ni lamba daban-daban?

"Na auna sau uku cikin minti biyar, na ga 158/95, sai 131/80, sai 146/88. Na'urar ce ta lalace ko?"

Ba lallai ba ne. Kafin ka zargi na'ura, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, ka bi bugun jijiya na minti guda. Idan ka ji yana zuwa babu tsari, wani da sauri, wani da jinkiri, wani da ƙyar ake jinsa, to wataƙila matsalar bugun zuciya da likitoci ke kira AF ce.

A wannan cutar, ɗakunan sama na zuciya karkarwa suke yi maimakon su matse, shi ya sa tazarar bugu take sauyawa. Idan tazarar ta yi tsawo, zuciya takan cika da jini ta turo da ƙarfi. Idan ta gajarta, kaɗan take turowa.

Ita kuwa na'urar dijital ba sauraron jijiya take yi ba. Girgizar da kowane bugu ke haifarwa cikin abin da aka ɗaura a damtse take ji yayin da iska ke fita, sai ta lissafa lambobin bisa zaton bugun duk iri ɗaya ne. Da wannan zato ya rushe, lissafi ya karkace, musamman lambar ƙasa, wani lokacin ma alamar kuskure ta Err kawai za ta nuna.

Don haka kada ka ƙara ko ka rage magani saboda lamba guda. Ka auna sau uku ka ɗauki matsakaici, sannan ka je asibiti a auna da hannu ana saurare, a kuma yi ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa. Shi ne ke tabbatar da AF, cutar da ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko da mutum ba ya jin komai.