Ranar da na kusa sayar da batir mai rai

Zafin Afrilu a Katsina har batir yake shanye wa ruwa. Batiran solar gidana biyu ne, masu ruwa, kowanne da ramuka shida. Wata safiyar Juma'a na ga 'yan sandunan da ke kan murafan, masu nuna yawan ruwa, duk sun nutse, sai na ɗauko galan ɗin tataccen ruwan batir. Ni ba na cikin masu ɗura fiya wata, gishirin cikinta lalata faranti yake yi. Ina sanye da sabuwar shadda na cika kowane rami fal har baki, don ban iya rowa ba.

Nan take na zura haidiromita, wannan mai kama da ƙaton sirinji da kan roba. Na zuƙo ruwa, kwalbar ciki ta tsaya a 1.100. Na yi salati. Cikakken batir irin nawa wajen 1.240 yake nunawa. Kafin hantsi na tsayar da ɗan jari-bola, muna ciniki yana ta tsaki wai gawa ce.

Ana haka rana ta take, caji ya kama, batiran suka fara ɓararraka suna amayo ruwa ta murafai. Uwargida ce ta kira yaron da ya haɗa mana solar daga Ƙofar Ƙaura. Ya duba, ya danne dariya.

"Alhaji, ai ruwan da ka zuba ka auna. Asid ya fi ruwa nauyi, sabon ruwa sama yake tsayawa har sai caji ya gauraya su. Kuma sai batir ya cika ake ƙara ruwa, don caji na ɗaga shi. In ka ga faranti a waje, ka ɗan rufe shi kawai, ragowar sai bayan caji. Ka tsaya a layin da ke nuna iyakar ruwa, ban da cikawa har baki."

Ya kashe komai, ya kori mai jari-bola da sigarinsa, don iskar da batir ke fitarwa lokacin caji wuta take kamawa. Ya kwance kan da ke da alamar ragi tukuna, sannan na tarawa. Ya jiƙa kanwa ya goge koren garin da ya taru a kawunan, tana ta kumfa, yana kaffa-kaffa kada ɗigo ya faɗa rami ya kashe asid. Ya busar, ya ɗaure, ya shafa basilin.

Bayan kwana biyu ana cajin rana ya sake aunawa: ramuka duk wajen 1.230, babu wanda ya bambanta da 'yan uwansa da 0.050, wanda shi ne alamar rami ya mutu.

Shadda kuwa lafiya lau na je masallaci da ita. Sai da mai wanki ya kawo ta na ga gabanta ya koma rariya, ya rantse ba guga ba ce. Har yanzu ban biya shi ba, muna kan bincike.