Hoton da bai kai megabayit ɗaya ba, amma sabar ta ce ya yi girma

'Yan uwa masu rubuta manhaja, akwai wata ɗabi'a da muke da ita wadda na daɗe ina son yin magana a kanta: da zarar an ce za a tura hoto daga waya zuwa sabar, sai mu mayar da shi `base64`, mu cusa shi cikin JSON tare da suna da lambar waya, shi ke nan an wuce wurin. Ni ma na yi, kuma na ji a jikina. Ban ce haramun ba ne. Cewa nake yi akwai kuɗin da ake biya, kuma da yawanmu ba ma lissafa shi sai ranar da aiki ya tsaya.

Ga abin da ya faru da ni. Na yi wa wata ƙungiya manhajar rajistar manoma. Wakili yana zuwa ƙauye, ya rubuta sunan manomi da girman gonarsa, ya ɗauki hotonsa, ya danna tura. Na san sabar tana bayan `nginx`, kuma na san idan ba ka taɓa `client_max_body_size` ba, iyakar girman saƙon da yake karɓa `1m` ce, wato bayit 1,048,576. Don haka na yi wayo: na sa manhajar ta matse kowane hoto har sai ya sauka ƙasa da bayit miliyan ɗaya kafin ta tura. Na gwada a ofis da hotunan abokan aiki tsaye jikin farin bango, komai ya tafi lafiya lau.

Kwana biyu da fara aiki wani wakili ya kira ni. Ya ce, "Injiniya, wannan abu naka fa yana zaɓen mutane. Maza yana karɓarsu, amma mata sai ya ƙi." Na yi dariya na ce, "Haba Malam, manhaja ina ta san mace da namiji?" Ya ce, "To wallahi ka zo ka gani. Mata bakwai na yi yau, biyu kawai suka shiga."

Gaskiyarsa ce, ni ne ban gane ba. JPEG yana matse wuri mai launi ɗaya sosai, amma wuri mai zane da ƙananan bambance-bambance yana cin bayit. Dattijo cikin farar riga jikin katangar ƙasa, hotonsa ƙarami ne. Mace cikin atamfa mai zane, a tsaye gaban dawa da ganye, hotonta yana fitowa babba. Na sa ya turo mini ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi shiga. Bayit 812,000. Ƙasa da miliyan ɗaya, don haka manhajata ta ce ya wuce. Amma sabar ta mayar da `413 Request Entity Too Large`, ni kuma a wayar abin da na sa ya fito kawai shi ne "a sake gwadawa".

To ina ƙarin ya fito?

JSON rubutu ne zalla. Yana da wurin lamba, da wurin jimlar haruffa, da eh ko a'a, da jeri, amma ba shi da wurin ɗanyen bayit. Shi kuwa hoto ɗanyen bayit ne, kowane ɗaya yana iya zama komai daga 0 zuwa 255, kuma da yawansu ba haruffan da za a iya sakawa tsakanin alamun zance ba ne. Dabarar `base64` ita ce a zaɓi haruffa 64 da ba sa rikita kowa: manyan baƙaƙen boko 26, ƙananansu 26, lambobi goma, sai `+` da `/`. Harafi ɗaya daga cikin 64 bit shida kawai yake iya ɗauka, alhali shi kansa yana cin bayit guda cur, wato bit takwas, a cikin saƙon. Saboda haka ana ɗebo bayit uku, bit 24 ke nan, a yanka su gida huɗu shida-shida, kowane gida ya zama harafi. Uku sun shiga, huɗu sun fito. Kowa zai iya gwadawa:

```
$ printf 'Ali' | base64
QWxp
$ printf 'Kano' | base64
S2Fubw==
```

"Ali" bayit uku ne, ya zama haruffa huɗu. "Kano" huɗu ne, uku na farko sun ba da huɗu, ragowar ɗayan ma sai da aka cike masa gurbi da `==` ya zama huɗu, jimla takwas. Lissafin dai shi ne `4 * ceil(n / 3)`. Kamar ka ɗauki mudu uku na gero ka ce dole sai a kwano huɗu za ka kai shi kasuwa, kuma mai mota kwano yake ƙirgawa.

Hoton baiwar Allahn nan na bayit 812,000 ya koma haruffa 1,082,668. Iyaka 1,048,576. Ya haura da wajen dubu talatin da huɗu, tun ma kafin a ƙara sunanta da na ƙauyensu. Idan ka juya lissafin, hoto mafi girma da zai iya wuce ƙofar megabayit ɗaya a wannan siga shi ne kashi uku cikin huɗu nata, bayit 786,432, kuma a haka ma sai ka rage wa sauran bayanan wuri. Ni na auna kayan kafin a ɗaure su, mai gadi kuma yana aunawa bayan an ɗaure. Duk hoton da ya faɗo tsakanin dubu 786 da miliyan ɗaya, a wurina lafiyayye ne, a wurin sabar kuma ya yi ƙiba.

Alamar wannan ciwo ke nan, ga mai son ganewa: wasu saƙonni suna shiga, wasu ba sa shiga, babu ruwan abin da ƙarfin sabis, kuma idan ka jera girman waɗanda suka faɗi za ka ga duk sun haura kashi 75 cikin ɗari na wata iyaka. Masu `Express` ma su kula, domin `express.json()` iyakarsa ta asali `100kb` ce kacal.

Da na buɗe saƙon da kyau sai na ga ashe ma ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin uku, abin da ya sa wasu hotunan da ba su kai dubu 786 ba su ma suka faɗi. A Android na yi amfani da `Base64.DEFAULT`, shi kuma yana karya layi bayan kowane haruffa 76, gadon da aka ɗauko daga tsarin imel. A cikin JSON kowace karyar layi sai an rubuta ta da haruffa biyu, `\n`, wato ƙarin kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari a banza. `Base64.NO_WRAP` ne maganinsa. Masu PHP kuma `json_encode` yana mayar da kowane `/` zuwa `\/` sai in ka ba shi `JSON_UNESCAPED_SLASHES`, kuma a hoto kusan harafi ɗaya cikin kowane 64 wannan alamar ce. Ƙanana ne, amma a bakin ƙofa ƙaramin abu ke hana shiga. Mafi muni da na taɓa gani a aikin wani shi ne mayar da hoton `base64` sau biyu, waya ta yi, wata laburare ta sake yi, girma ya ninka kusan 1.78. Idan JPEG ne, rubutun yakan fara da `/9j/`, PNG kuma da `iVBORw0KGgo`. In ka ga JPEG ɗinka ya fara da `LzlqLz`, to an yi masa wanka biyu.

Na san abin da wasu za su ce: ai `gzip` yana mayar da mafi yawan wannan ƙari. Haka ne. Tunda haruffa 64 kawai ake juyawa, matsewa tana dawo da saƙon kusa da girman hoton na asali. Amma wannan ya fi aiki a hanyar saukowa, daga sabar zuwa waya. A hanyar hawa, burauza da yawancin laburaren waya ba sa matse abin da suke turawa sai ka zauna ka tsara hakan da kanka, ka kuma koya wa sabar warwarewa. Wakilin da ke ƙauye hawa yake yi, kuma datar daga aljihunsa take fita kafin a biya shi ƙarshen wata. Idan matsakaicin hoto bayit 750,000 ne, a hanya miliyan ɗaya yake tafiya. Manoma 60 a rana, megabayit 60 maimakon 45. Sha biyar ɗin nan ba hoto ba ne, ba suna ba ne, kwano ne kawai.

Duk da haka, a ganina kashi ɗaya cikin ukun nan ba shi ne babban laifin ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ɗaure akuya da raƙumi da igiya ɗaya. Bayanan manomi ba su kai bayit dubu ba, ko sabis mai sanda ɗaya zai kai su. Amma da na haɗa su da hoto a saƙo guda, sai ya zama in hoton bai shiga ba, manomin ma bai shiga ba. JSON rabinsa ba ya karantuwa, in sabis ya yanke a kashi casa'in sai a koma farko. Matan nan biyar sun bar aikinsu sun tsaya a rana, kuma a rumbun bayananmu babu ko sunansu.

Gyaran farko da ya zo mini shi ne in ɗaga iyakar zuwa `5m` in huta. Na yi hakan a daren don aiki ya ci gaba, amma wannan ɗaure rauni ne da tsumma. Gyara na gaskiya ya ɗauke ni kwana uku. Bayanan manomi yanzu suna tafiya su kaɗai a ƙaramin JSON, sabar ta dawo da lambar rajista. Hoton yana biyowa daga baya a ɗanyensa ta `multipart/form-data`, wanda ƙarinsa 'yan ɗaruruwan bayit ne na kan saƙo komai girman hoton, kuma in ya faɗi shi kaɗai ake sake turawa idan wakili ya fito inda sabis yake. Sai abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko: na tambayi masu aikin me za su yi da hoton. Ashe katin shaida kawai za su buga. Na rage tsawonsa zuwa fiksil 800, hotunanmu suka dawo wajen bayit dubu casa'in. Wannan ragin shi kaɗai ya ninka abin da cire `base64` ya ceto sau da yawa, kuma na ji kunyar yadda na yi kwanaki ina faɗa da kashi 33 alhali kashi 88 na zaune a gabana.

Kada kuma wani ya ce zai guje wa `base64` ta hanyar zuba bayit ɗin a jerin lambobi. Idan ka ba `JSON.stringify` wani `Buffer` a Node, abin da yake yi ke nan, `[255,216,255,...]`, kowane bayit ya ci haruffa kusan uku da rabi har da waƙafi. An gudu daga ruwan sama an faɗa kogi.

Kuma har yau akwai wuri ɗaya a manhajar da na bar `base64` da gangan: sa hannun manomi, wanda yake zanawa da yatsa a fuskar waya. PNG ne baƙi da fari, bayit 3,000 ko kusa da haka, ya koma 4,000. Ƙarin dubu ɗaya bai kai wahalar buɗe wata hanya daban ba, kuma ina son sa hannun ya isa tare da bayanan da aka sa wa hannu, ba bayan awa uku ba. Abin da na canza kawai shi ne yanzu manhajar tana auna saƙon bayan an gama haɗa shi, kuma in ya haura bayit 50,000 ba ta turawa, sai ta nuna wa wakili girmansa a rubuce domin ya karanto mini ta waya.