Zinare daban, hannun jarin kamfanin haƙar zinare daban

Tun da manhajojin sayen hannun jarin ƙasashen waje suka shigo wayoyinmu, akwai wata magana da nake yawan ji a majalisu, daga Samaru har Kongo. Sai ka ji mutum ya ce ai shi ya sayi zinare, in ka bi diddigi sai ka tarar hannun jarin wani kamfanin haƙar zinare ya saya. Ni a ganina wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Hajiyar da ta sayi sarƙa da awarwaro a Sabon Gari ta kulle a akwati, ita ce ta sayi zinare. Kai da ka sayi hannun jari, abin da ka saya shi ne wani yanki na ribar da kamfani zai ci bayan ya biya duk ɗawainiyar tono zinaren. Ita kuwa riba ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashi, tsalle take yi.

Ku da kuke noma kun san wannan tun kafin a zo maganar zinare. Ɗan kasuwan da ya sayi masara ya kimsa a sito, in buhu ya faɗi da kashi goma a kasuwar Giwa, kashi goma ya yi asara, shi ke nan. Amma manomin da ya riga ya kashe kuɗin taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago, wannan kashi goman na iya zama rabin abin da ya sa rai zai ci a daminar gaba ɗaya, domin mai taki ba zai maido masa ko sisi ba don masara ta yi arha. Kamfanin haƙar zinare shi ne manomin.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, masu sauƙin riƙewa. A kasuwar duniya ana auna zinare da oza, wato giram 31.1. A ce wani kamfani yana kashe dala 1,500 kafin ya fitar da oza ɗaya: man dizal na manyan motoci da injina, nakiyar fasa dutse, wutar niƙa, sinadarin wanke ƙasa, albashi, gyaran kayan aiki, da kason gwamnati. A ce kuma ana sayar da oza dala 2,000. Ribarsa dala 500 ke nan a kowace oza. To sai zinare ya tashi da kashi 10 cikin ɗari, ya koma 2,200. Direban tifa bai ƙara shan mai ba, albashi yana nan yadda yake, saboda haka dala 200 ɗin nan kacokan cikin riba za ta faɗa. Riba ta tashi daga 500 zuwa 700, wato kashi 40 cikin ɗari. Hajiya ta samu kashi 10, mai hannun jari yana kallon 40. Idan kuma abin ya juya, zinare ya sauka zuwa 1,800, riba ta koma 300. Nan ma kashi 40 ne, amma ta ƙasa. Masu saye da sayarwa a kasuwar hannun jari ba sa jiran rahoton ƙarshen shekara, a ranar suke wannan lissafin su sauya farashi.

Yanzu ga inda abin ya fi ban sha'awa, kuma inda mutane suka fi ruɗewa. Ɗauki kamfani na biyu, mai tsohon rami mai zurfi, wanda ƙasarsa ba ta da zinare da yawa, yana kashe dala 1,850 a kan oza. A farashin 2,000 ribarsa 150 ce kacal. Zinare na tashi zuwa 2,200, ribarsa ta zama 350, ta ninka har da ɗoriya. A ranar da kasuwa ta yi kyau, wannan raunannen kamfanin ne zai fi kowa tashi, kuma shi za ka ga ana ta yaɗa hotonsa a guruf-guruf ana cewa ga inda kuɗi yake. Amma zinare ya kuskura ya sauka zuwa 1,800, kowace oza da ya tono asarar dala 50 ce. Yana aiki, yana cin uwar kuɗi. Don haka in ka ga hannun jari ya fi sa'o'insa tsalle, kada ka yi saurin cewa shi ne gwani. Sau da yawa shi ne wanda ya fi kusa da bakin rami.

Akwai ɗan lissafi da kowa zai iya yi a bayan takarda. Nemi rahoton da kamfani yake fitarwa duk wata uku, ka duba wani adadi da suke rubutawa AISC. Shi ne kuɗin da suke kashewa a kan kowace oza, har da na ci gaba da riƙe mahaƙar tana aiki. Majalisar Zinare ta Duniya ce ta fito da wannan ma'auni a 2013. Cire shi daga farashin zinare na yau, abin da ya rage shi ne riba. Sai ka raba farashin da wannan ribar. A kamfaninmu na farko, 2,000 a raba da 500 ya ba da 4, ma'ana duk motsin kashi ɗaya na zinare, ribarsa za ta motsa kusan kashi huɗu. Na biyun kuwa ya haura 13. Wannan lissafin kuma yana nuna iyakar abin. In zinare ya kai dala 4,000 kamar yadda ya yi a watan Oktoban 2025, kamfani kuma yana kashe 1,600, amsar ba ta kai 2 ba. Ke nan tsallen ya fi tsanani lokacin da riba take siririya, yana kuma lafawa in ta yi kauri. Wanda ya shigo bayan an gama babban tashin yana tsammanin irin ninkin baya, to ya makara.

Sai bashi. Buɗe mahaƙa na cin ɗaruruwan miliyoyin daloli kafin a ga ko ƙwaya ɗaya, kuma yawanci da rance ake yi. A ce kamfanin farko yana fitar da oza 100,000 a shekara, ribarsa dala miliyan 50, amma banki na karɓar miliyan 20 ko an samu ko ba a samu ba. Saura 30 ga masu hannun jari. Zinare ya tashi kashi 10, saura 50. Ya faɗi kashi 10, saura 10. Kashi 40 ɗin nan na ɗazu ya koma kusan 67. Ban da wannan, masu zuba jari ba ribar bana kaɗai suke saye ba, har da zinaren da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. In farashi ya faɗi, wani sashen ƙasar tono shi ba zai biya kuɗin mai ba, sai a cire shi daga lissafin dukiyar kamfani, shekarun da aka ɗebar wa mahaƙar su ragu.

Wannan duk ba zancen allo ba ne, an gani. A watan Satumban 2011 zinare ya taɓa wajen dala 1,900. A 2013 ya faɗi da kusan kashi 28, amma GDX, asusun da ya tattara hannayen jarin manyan kamfanonin haƙar zinare, ya yi asarar fiye da rabin darajarsa a wannan shekarar. Zuwa ƙarshen 2015 zinare na wajen 1,050, bai kai ga rasa rabi ba, su kuwa kamfanonin sun rasa kusan kashi 80. Da zinare ya farfaɗo a 2016 da kamar kashi ɗaya bisa huɗu, GDX ya ninka cikin 'yan watanni.

To amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, masu tallar abin suna nuna mana rabin hoton ne. Suna cewa duk inda zinare ya nufa, hannun jari zai bi shi ninki biyu ko uku. Ba kullum ba. Lissafinmu na sama ya tsaya ne a kan cewa kuɗin ɗawainiya yana tsaye cak, alhali na ɗan lokaci ne yake tsayawa. In zinare ya daɗe a sama, ma'aikata su nemi ƙari, gwamnati ta ƙara kasonta, kamfani kuma ya fara niƙa ƙasar da a da yake zubarwa. A 2022 zinare ya ƙare shekara kusan inda ya fara, amma tsadar mai da kayan aiki ta cinye ribar kamfanoni da dama, hannayen jarinsu suka sauka.

Har ma yakan faru zinare ya tashi, kamfani ya durƙushe. Ashanti Goldfields na Ghana, mai mahaƙar Obuasi, ya sayar da zinarensa na shekaru masu zuwa tun kafin ya tono, a kan farashin da aka tsayar, don kare kansa daga faɗuwa. A Satumban 1999 manyan bankunan gwamnatocin ƙasashen Turai suka sanar za su taƙaita sayar da zinarensu, farashi ya yi sama cikin 'yan kwanaki. Bankunan da Ashanti ya ƙulla yarjejeniya da su suka taso shi ya kawo kuɗin jingina, kuɗin da ba shi da su a hannu. Hannun jarinsa ya rikito a daidai lokacin da masu zinare suke murna, kuma a 2004 ya haɗe da kamfanin AngloGold. Shi ya sa bayan AISC da bashi, abu na uku da nake dubawa a rahoto shi ne ko kamfani ya riga ya sayar da zinaren gobe, kuma a kan nawa.

Sannan rami ba ya ƙaura. A Janairun 2025, zinare na ta hawa, kamfanin Barrick ya dakatar da aiki a mahaƙar Loulo-Gounkoto a Mali saboda taƙaddama da gwamnatin ƙasar a kan haraji da sabuwar dokar ma'adinai, bayan gwamnatin ta kwashe zinaren da ke ajiye a wurin. Barrick babba ne, yana da mahaƙai a nahiyoyi daban-daban, ya iya jurewa. Ƙaramin kamfani mai rami guda fa? Ambaliya ɗaya, ko zaftarewar bango, ko takarda ɗaya daga ofishin minista ta isa ta tsayar da shi, farashin zinare a Landan ko ya kai nawa.

Wani ƙanena ya ce mini, "Yaya, to ai ni tsallen nake so." Na ce madalla, ba laifi ba ne, amma ya faɗa mini nawa kamfanin nasa yake kashewa a kan oza, nawa ake binsa, ramukansa nawa kuma a wace ƙasa. Wanda yake so ya tsare kuɗinsa daga zaizayar naira, zinaren kansa ya fi dacewa da buƙatarsa, ko da maƙeri zai cire ladan aiki ranar sayarwa. Wanda kuma ya zaɓi kamfani, ya sa kuɗin da zai iya ganin rabinsu ya tafi a shekara guda bai fasa biyan kuɗin makarantar yara ba, domin a 2013 abin da ya faru ke nan, kuma da manyan kamfanonin ya faru.