"Ni dai a wajena tana tashi"

Kun dai ga abin da ya faru a zaurenmu na masu rubuta manhaja a nan Jidda: wani yaro ya girka manhajar wani ta ƙi tashi, da ya kawo kuka mai manhajar ya ce ai a wajensa tana tashi. Hukuncina a taƙaice: laifin mai manhajar ne, yaron ba shi da laifi ko kaɗan.

Kai mai manhajar, ka rubuta abu a kan Ubuntu 22.04, ka san da Python 3.10 take zuwa, ka san a kansa kaɗai ka gwada. Amma a README sai ka rubuta "ka girka Python, ka kunna". Wane Python, ranka ya daɗe? Ko so kake a je wajen mai duba?

Yaro ɗalibi a Madina ya bi umarninka layi bayan layi a kan Ubuntu 24.04, wadda ke zuwa da Python 3.12. Ga abin da allo ya watso masa:

```
ModuleNotFoundError: No module named 'distutils'
```

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An cire distutils daga Python tun fitowar 3.12 a 2023, manhajarka kuwa har yau tana kiransa. Saƙon nan bai ce "Python ɗinka ya yi sabo" ba, sai yaron ya ɗauka shi ne ya ɓata wani abu. Ya goge, ya sake girkawa, daga isha'i har aka kira asalatu. Da ya kawo kuka ka ce masa ni dai a wajena tana tashi. Ma sha Allah, sai ka aiko masa da kwamfutar taka a motar haya.

Abin da ake nema layi ɗaya ne a saman README: an gwada a Ubuntu 22.04 da Python 3.10, ba a gwada a Windows ba. Sannan ka ce mutum ya duba nasa kafin ya fara:

```
cat /etc/os-release
python3 --version
```

Shi ke nan fa. Ka sani, ka faɗa.

Masu cewa ai ƙwararre zai gane da kansa, na ji ku. Ƙwararre zai ga `source venv/bin/activate` ya san ba a Windows aka rubuta ba, don can `venv\Scripts\activate` ake bugawa. To 3.10 ɗin fa, a ina zai karanto shi? Masu cewa babu lokaci kuma, awa nawa kuka ɓata kuna kare mutumin a zaure?

Wallahi abin da ya fi taɓa ni shi ne yaron ya rubuto yana ba da haƙuri, wai ƙila kansa ne ba ya ja. Ƙanena, kanka lafiya lau, bayani aka hana ka.

Af, ku kuma masu ɗaukar hoton allo da waya a karkace, hasken fanka da inuwar hula duk a ciki, don Allah ku kwafo rubutun kuskuren ku liƙa. Idona ya gaji.